An auna abu 27, huɗu ne suka yi kyau: yadda ake gane murɗiya a takardar bincike

Duk wanda ya taɓa karanta takardar bincike ta likitanci ko ta ilimin halayyar ɗan adam ya san wannan ƴar alamar, p < 0.05, wadda da zarar ta bayyana sai kowa ya saki jiki, a ce ai magani ya yi aiki, kimiyya ta tabbatar. Ni kuwa in na ganta tambaya biyu nake fara yi kafin komai: abu nawa aka auna kafin a samo wannan ɗin, kuma yaushe aka yanke shawarar cewa shi ne za a kalla, kafin a ga sakamako ko bayan an gani? Amsar tambayoyin nan biyu ita ke raba binciken gaskiya da abin da ake kira p-hacking, wato a yi ta juya data ana gwada nan ana gwada can har sai wani abu ya faɗo ƙasa da 0.05, sannan a fito da shi shi kaɗai kamar dama can shi aka fita nema.

Mu fara da lissafin, ba shi da wuya. Abin da 0.05 ɗin nan ke nufi shi ne, in da a ce maganin ba ya komai kwata-kwata, to sau ɗaya cikin ashirin tsabar dace kawai zai iya ba ka bambanci mai girman da zai tsallake wannan layin. Sau ɗaya cikin ashirin ba yawa, shi ya sa aka amince da shi. Amma fa wannan alƙawarin na gwaji ɗaya ne tak. In ka auna abubuwa da yawa waɗanda ba su da alaƙa da juna, yiwuwar ko da guda ɗaya ya fito da kyau bisa dace ana samunta ne da 1 − 0.95^n, inda n yake adadin abubuwan da ka auna. Abu 5, kusan kashi 23 cikin ɗari. Abu 10, kashi 40. Abu 20, kashi 64. Wato mutumin da ya ba wa marasa lafiya ruwan famfo zalla ya auna abu 20 a jikinsu, ya fi kusa da samun "sakamako" a kan rashin samu. Kuma bai ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, duk lambobinsa na gaskiya ne, abin da ya ɓoye kawai shi ne sauran 19 ɗin. Wannan ne ya sa abin yake da wuyar kamawa, domin ba ƙarya ce a cikin abin da aka rubuta ba, tana cikin abin da ba a rubuta ba ne.

Akwai bincike ɗaya da nake ganin duk mai son fahimtar wannan al'amari ya kamata ya san shi, saboda shari'a ta sa takardun cikin gida na kamfanin sun fito fili, aka ga abin da aka tsara da farko da kuma abin da aka buga daga baya. Sunansa Study 329. Kamfanin SmithKline Beecham, wanda daga baya ya zama GlaxoSmithKline, shi ya ɗauki nauyinsa daga 1994 zuwa 1998 a Amurka da Kanada, don a gani ko maganin paroxetine yana taimakon matasa masu ciwon damuwa mai tsanani. Matasa 275 ne, ƴan shekara 12 zuwa 18. An raba su uku: 93 aka ba su paroxetine, 95 aka ba su wani tsohon magani imipramine, 87 kuma aka ba su filasibo, ƙwayar da ba komai a cikinta. Sati takwas ana bin su.

To kafin a fara irin wannan gwaji ana rubuta furotokol, takardar da ke cewa ga abin da za mu yi, ga abin da za mu auna, ga wanda zai zama alƙalin ko magani ya ci ko ya faɗi. A furotokol ɗin Study 329 manyan ma'aunai biyu ne, duka sun dogara ne da wani sikeli da likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi, HAM-D, mai tambayoyi 17 kan bacci da cin abinci da baƙin ciki da jin laifi da sauransu, a haɗa maki, yawan makin yawan ciwon. Ma'auni na farko shi ne nawa makin ya sauka daga farko zuwa ƙarshe. Na biyu shi ne kashi nawa na yaran suka samu sauƙi, kuma an fayyace samun sauƙi da cewa ko dai makin ya sauka zuwa 8 ko ƙasa, ko kuma ya ragu da rabi. Bayan waɗannan akwai ƙananan ma'aunai shida. Takwas kenan jimilla, a rubuce, tun kafin a ga komai.

Da sakamako ya fito, cikin takwas ɗin nan babu ko ɗaya da paroxetine ya doke filasibo yadda lissafi zai yarda. A babban ma'aunin, makin masu paroxetine ya sauka da kusan 10.7, na masu filasibo ya sauka da 9.1. Ku duba fa, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki su ma sun samu sauƙin maki tara, tazarar da ke tsakani ba ta kai maki biyu ba. A bisa ƙa'idar da masu binciken suka gindaya wa kansu, magani ya faɗi. Kuma kamfanin ya san da haka, domin wata takardar cikin gida ta 1998 da ta fito daga baya ta nuna ana tattauna yadda za a sarrafa yaɗuwar sakamakon don kar ya taɓa kasuwa.

Amma a 2001 sai ga takarda ta fito a Journal of the American Academy of Child and Adolescent Psychiatry, da sunan Martin Keller a gaba da wasu marubuta da yawa, tana cewa maganin yana aiki kuma galibi jiki na ɗaukarsa lafiya. Ta yaya aka taso daga takwas babu zuwa nan? Jon Jureidini da Leemon McHenry da Peter Mansfield sun bi takardun kotu suka buga abin da suka gano a 2008: ban da takwas ɗin farko an gwada aƙalla wasu ma'aunai 19, ya zama 27. A cikin 27 ɗin huɗu ne suka fito da kyau, kuma huɗun nan babu ko ɗaya da ke cikin jerin furotokol na asali. Sai aka janye huɗu daga cikin tsofaffin daga sahun gaba aka cusa sababbin huɗun a gurbinsu, mai karatu ya buɗe tebur ya ga ma'aunai takwas, rabi sun yi kyau, ya ce to ai ba laifi. Kwandon tumatir ne sak, manya jajaye a sama, abin da ke ƙasa sai wanda ya juye ya gani.

Ina so mu tsaya a kan sababbin huɗun nan, domin siffarsu ita ce darasin, in ka gane ta za ka riƙa ganinta a wasu takardun. Na ɗaya, kun tuna ma'anar samun sauƙi tana da ƙafa biyu, maki 8 ko ƙasa, ko raguwa da rabi. Da ƙafafun biyu bambancin bai kai ba. Sai aka yanke ƙafa ɗaya aka bar "maki 8 ko ƙasa" kaɗai, nan take p ya zama 0.02, kuma aka gabatar da shi ta yadda mai karatu zai ɗauka shi ne babban ma'aunin. Na biyu, sikelin HAM-D mai tambayoyi 17 bai nuna komai ba a jimlace, sai aka zaro tambaya ɗaya daga cikinsa, ta baƙin cikin zuciya, aka mai da ita ma'auni mai zaman kanta. Na uku haka aka yi wa wani sikelin daban, aka zaro tambaya ɗaya. Na huɗu kuma akwai makin da likita ke bayarwa na yadda yake ganin mara lafiya ya inganta gaba ɗaya, matsakaicin makin shi aka tsara aunawa kuma bai nuna bambanci ba, sai aka koma ƙirga kashi nawa suka samu maki 1 ko 2, wato waɗanda likita ya ce sun inganta sosai. Data ɗaya ce, yara ɗaya, wurin yanka kawai aka matsar.

Don adalci, marubutan sun kare kansu da cewa an tsayar da sababbin ma'aunan kafin a buɗe a san wa ya sha me. Kuma wani mai lissafi zai iya cewa ai cikin gwaji 27 dace kaɗai guda ɗaya ko biyu ake sa ran ya bayar, ba huɗu ba, kenan ƙila akwai ɗan wani abu. Hujja ce da ta cancanci amsa. Amsar ita ce ma'aunan nan huɗu ba baƙin juna ba ne, kusan abu ɗaya suke aunawa a jikin yara ɗaya, don haka in dace ya karkata ɗaya to zai ja ƴan uwansa tare, huɗun ba shaidu huɗu ba ne. Sannan ko da a ce akwai ɗan tasiri a kan tambaya ɗaya, abin da gaskiya ta yarda a rubuta shi ne gwajin bai cimma manyan ma'aunansa ba, ga wata ƴar alama da za a iya bibiya a wani gwajin. Wannan daban yake da cewa magani yana aiki, likitoci su rubuta wa yara.

Abin da ya fi ci min rai a labarin shi ne ɓangaren illa, domin zaɓen abin da za a nuna ba a amfanin magani kaɗai yake tsayawa ba. Matasa 11 cikin masu shan paroxetine sun gamu da matsala mai tsanani, a ɓangaren filasibo 2 ne. Wasu daga cikin matsalolin tunanin kashe kai ne da yunƙurin cutar da kai, amma aka shigar da su ƙarƙashin wani laƙabi mai laushi da ke nufin saurin sauyawar yanayin zuciya. A 2003 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ce kar a ba wa ƴan ƙasa da shekara 18 wannan magani don ciwon damuwa. A 2012 GlaxoSmithKline ya amince ya biya dala biliyan 3 a sulhu da gwamnatin Amurka kan tuhume-tuhume da dama, ciki har da tallata paroxetine ga yara. A 2015 kuma wasu masu bincike, Joanna Le Noury da abokan aikinta, suka karɓi datar asali suka sake lissafi daidai da yadda furotokol ya ce, suka buga a mujallar likitanci ta BMJ: paroxetine bai fi filasibo ba, imipramine ma haka, kuma duka biyun sun ƙara illa. Shekara 14 tsakanin takardar farko da wannan, yara nawa suka sha a tsakani Allah kaɗai ya sani.

To mai karatu irina da irinku wanda ba shi da takardun kotu, me zai yi? Abu mafi sauƙi da na sani shi ne ƙirga. Ka je sashen da suka bayyana yadda suka yi aikin, ka ɗauki biro ka rubuta duk abin da suka ce sun auna, da lokutan da suka auna shi. In sun ce sun ɗauki hawan jini da suga da nauyi da kitsen jini da ingancin bacci, a sati 4 da sati 8 da sati 12, abu biyar sau uku, gwaji 15 kenan tun kafin a fara raba maza da mata. Sai ka koma sashen sakamako ka ga nawa suka dawo. In takaitaccen bayanin da ke saman takardar yana ta murna da suga a sati 8 shi kaɗai, ina sati 4 da sati 12? Me ya sa sati 8? Maganin da yake aiki da gaske da wuya ya yi aiki a sati 8 ya ɓace a sati 12 ba tare da dalili ba. Haka in ka ga iyaka mai ban mamaki, a ce masu shekara sama da 47, ko waɗanda nauyinsu ya ragu da kashi 7, ba iyakar da aka saba amfani da ita a fannin ba kuma ba a faɗi dalili ba, to akwai yiwuwar an gwada iyakoki da yawa ne aka tsaya inda ta biya.

Raba mutane rukuni-rukuni shi ma babbar ƙofa ce. Gwajin ISIS-2 da aka buga a 1988 ya haɗa mutum 17,187 da ake zaton sun samu bugun zuciya, kuma ya nuna ƙarara cewa asfirin na rage mutuwa. Da aka matsa wa masu binciken su kawo sakamakon rukuni-rukuni, sai Richard Peto da abokansa suka saka har da rabon mutane bisa burujin haihuwarsu, da gangan, aka ga wai asfirin ba ya amfanar waɗanda aka haifa a Jauza'u da Mizani. Sun yi haka ne don kowa ya gani da idonsa cewa in ka yayyanka data gida-gida dole wani gidan ya ba ka labari, ko da labarin ba shi da kai ba shi da gindi. Don haka takardar da ta ce magani bai yi aiki a kan jama'a gaba ɗaya ba amma ya yi a kan mata masu ciwon suga ƴan sama da 60, ka tambaya rukuni nawa aka leƙa.

Amma ƙirga daga cikin takarda tana da iyaka, tunda wanda ya iya ɓoyewa ba zai ambaci abin da ya jefar ba ko a sashen hanyar aiki. Nan ne rajista ke shigowa. Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka sa sharaɗin sai an yi wa gwaji rajista a fili kafin a fara ɗaukar mutane, a wurare irin su ClinicalTrials.gov ko ISRCTN, mu nan Afirka kuma akwai PACTR. Yawanci lambar rajistar tana ƙasan takaitaccen bayani, ta ClinicalTrials.gov tana farawa da NCT sai lambobi takwas. Ka kwafe ta ka liƙa a shafin, ka nemi inda aka rubuta Primary Outcome Measures, ka gwada da abin da takarda ta kira babban ma'auninta. Kar ka tsaya nan, domin ana iya gyara rajista daga baya, ka shiga Record History inda ake ajiye duk tsofaffin kwafi da ranakunsu, ka buɗe na farko. In babban ma'auni ya canza bayan an gama tattara data, kuma takarda ba ta ce uffan ba, ka kama abin da kake nema. Ka duba ranar rajistar ma, in an yi ta bayan gwaji ya ƙare to ba ta tsare komai ba. Aikin minti goma ne a waya.

Kar a ɗauka abin na wani kamfani ɗaya ne a shekarun baya. Ben Goldacre da tawagarsa a Oxford sun yi wannan gwadawar a kan gwaje-gwaje 67 da manyan mujallun likitanci biyar suka buga a ƙarshen 2015, a aikin da suka kira COMPare. Tara ne kacal suka kawo rahoto daidai da abin da suka yi alƙawari. Ma'aunai 354 da aka tsara ba a kawo su ba, an kuma ƙara sababbi 357 shiru ba sanarwa.

Canza ma'auni fa ba laifi ba ne a karan kansa, wani lokaci na'ura ta lalace, ko a gane a tsakiyar aiki cewa ma'aunin da aka zaɓa bai dace ba. Auna abubuwa da yawa ma ba laifi ba ne. Sharaɗin kawai a faɗa, a ce mun canza, ga rana, ga dalili, ga abin da tsohon ma'aunin ya nuna, kuma in an yi gwaji da yawa a tsaurara layin. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Bonferroni, a raba 0.05 da adadin gwaje-gwajen, in 20 ne layin ya koma 0.0025, don haka p = 0.03 da ake ta taƙama da shi bai ko kusa ba. Ana sukar hanyar da cewa ta cika tsauri musamman in ma'aunan suna da alaƙa da juna, tana iya kashe sakamako na gaskiya, shi ya sa wasu ke amfani da ta Holm ko ta Benjamini da Hochberg. Duk wadda aka ɗauka dai sai an san adadin gwajin na gaskiya, wanda ya gwada 27 ya ce maka 8 ya gwada, gyaransa ma gurgu ne.

Kuma yawancin masu faɗawa wannan ba mugaye ba ne. Ɗalibin da ya raba takardar tambayoyi mai abu 30, ya zuba a manhajar lissafi ta SPSS ya haɗa kowace tambaya da jinsi da shekaru da matakin karatu da aure, ya yi gwaji 120 kenan ba tare da ya ƙirga ba, kuma ko ba wata alaƙa ko ɗaya a duniya ana sa ran kusan shida su fito ƙasa da 0.05. Shidan nan su zai ɗauka ya gina babi na huɗu da na biyar a kansu, da zuciya ɗaya, musamman in yana tsoron sufabaiza zai ce aikin da bai samo komai ba ba aiki ba ne. In kana wannan matsayin, abin da zai fisshe ka shi ne ka rubuta tambayarka babba ɗaya ko biyu da gwajin da za ka yi musu kafin ka buɗe datar, ka sa rana, ka tura wa sufabaiza ta imel don ya zama akwai shaida. Sauran duk abin da ka tono bayan nan ka sa shi a tebur cikakke, da wanda ya fito da wanda bai fito ba, ka rubuta a samansa cewa wannan lalube ne, gwaji kaza aka yi, kuma yana buƙatar wata datar daban kafin a dogara da shi.